Katangar da Ke Gudu Idan Farashi Ya Matso

A kasuwar hatsi irin ta Dawanau, idan babban ɗan kasuwa ya tsaya gaban jama'a ya ce duk mai wake ya kawo zai saya a farashi kaza, ko buhu dubu ne, maganar nan kaɗai ta isa ta ɗaga kasuwa. Masu sayarwa za su daina sallamawa da araha, ƙananan masu saye kuma su yi ta rige-rige kada kaya ya ƙare. Amma shi wannan mutum an san fuskarsa, an san rumfarsa. Idan aka kawo waken ya zame, gobe ba mai sauraronsa.

A kasuwar kirifto da ta hannun jari ana irin wannan tayi, sai dai mai yin sa ba shi da fuska, kuma janye tayin ba ya cin masa ko sisi. Duk wanda zai karanta littafin oda, daga nan ya kamata ya fara.

Littafin oda shi ne jerin da manhajojin ciniki ke nunawa ƙarƙashin sunan `Order Book`. Layukan kore tayin masu saye ne, kowane layi da farashinsa da adadin da ake nema. Layukan ja na masu sayarwa ne, da farashin da za su sallama. Duk abin da ke cikin jerin nan jira yake yi, ba a yi cinikinsa ba tukuna. Cinikin da ya faɗa yana wani jeri dabam, wanda a wasu manhajoji ake rubuta wa `Market Trades`, yana nuna farashi da adadi da lokacin kowane ciniki. Mutane da yawa sun iya kallon na farko, ba sa waiwayar na biyu, alhali a na biyun ne shaida take.

Katanga kuwa ita ce oda ɗaya, ko tarin ododi a farashi ɗaya, da ta yi wa maƙwabtanta fintinkau. Girmanta ba a auna shi da yawan kuɗi zalla, da abin da ke kewaye da ita ake aunawa. Odar dala dubu ɗari biyar a kasuwar Bitkoyin ba abin a juya a kalla ba ce, amma a wani ƙaramin kuɗin kirifto tana iya zama dutse a tsakiyar hanya. Idan tana ɓangaren kore, mutane kan ɗauka farashi ba zai faɗi ƙasa da ita ba. Idan tana ɓangaren ja, su ɗauka ba zai haura ta ba. Wannan zaton shi ne abincin mai katangar bogi.

Mu ɗauki misali, da alƙaluman da muka tsara don bayani. Wani kuɗin kirifto yana kan dala 20. Mafi tsadar tayi 19.99, mafi arahar sallama 20.01. Kowane layi yana ɗauke da guda 200 zuwa 600. Kwatsam sai ga odar saye ta guda 40,000 a kan 19.80, wato kimanin dala 792,000.

Mai kallo ya ga wannan, sai ya ce babban mai kuɗi ya shigo. Ya saya a 20.01, ya ajiye odar tsayar da asara a 19.79, daf da bayan katangar, yana ganin ya jingina da gini. Wasu ma su yi haka, na'urorin ciniki masu bin nauyin littafi su biyo baya. Cikin 'yan mintuna farashi ya kai 20.10.

Abin da mai kallon bai gani ba shi ne mai katangar sayarwa ya zo yi. Yana riƙe da guda 5,000. Da ya zuba su lokaci ɗaya a wannan siririn littafi, da sun cinye layuka goma sha wani abu, ya tashi da matsakaicin farashi wajen 19.90. Maimakon haka sai ya jera ƙananan ododin sayarwa tsakanin 20.05 da 20.15, waɗanda katangarsa ta rinjaya suka zo da ƙafarsu suka kwashe. Bambancin santi 20 a kan guda 5,000 dala 1,000 ke nan, daga odar da bai taɓa nufin a cika masa ba. Yana gamawa ya soke ta. Farashi ya juyo, ya iske 19.80 fayau, ya wuce, ya tayar da ododin tsayar da asara da aka tara a 19.79, su kuma su ƙara tura shi ƙasa.

To ta yaya mai kallo zai gane tun kafin a kai nan?

Gwaji mafi ƙarfi shi ne lokacin da farashi ya taɓa katangar. Ka buɗe jerin biyu gefe da gefe. Idan katangar ta gaske ce, za ka ga tana raguwa kaɗan-kaɗan: 40,000 ta koma 37,500, ta koma 33,000. A daidai wannan lokaci jerin ciniki zai nuna an yi cinikin 2,500, sannan 4,500, duk a kan 19.80. Abin da ya fita daga littafi ya bayyana a ciniki, lissafi ya daidaita. Mai odar yana karɓar kaya yana biya. Idan kuwa 40,000 ta ɓace a ƙiftawar ido, jerin ciniki bai nuna komai a 19.80 ba, ko ya nuna 'yan ɗaruruwa, to ba a saya ba, sokewa aka yi.

Kafin a kai ga taɓawa ma akwai alama a tafiyarta. Mai son saye a 19.80 da gaske yana murna idan farashi ya sauko, don abin da yake jira ke nan, odarsa ba ta motsi. Ta bogi tsoron a cika ta take yi. Farashi ya sauko 19.90, sai ka gan ta ta koma 19.70. Ya hau 20.10, ta biyo shi zuwa 19.90. Kullum tazara ɗaya take bari, kusa yadda za a gan ta, nesa yadda ba za a taɓa ta ba. Wani lokaci ba oda ɗaya ba ce, huɗu ne ko biyar masu adadi iri ɗaya, a jere kamar matakala, suna hawa tare suna sauka tare.

Alama ta uku tana ɗaya ɓangaren. Babbar katangar saye tana tsaye, jama'a na ta saye, amma farashi ya ƙi yin nisa, layukan ja ana cinye su suna sake cika. Wani yana sauke kaya a kan masu sayen. Idan sauke kayan ya tsaya, katangar kuma ta ɓace a lokaci guda, ko ma ta koma ɓangaren ja da irin adadinta, ruwa ba ya tsami banza.

Wannan dabara ta girmi kirifto. Shari'ar da ta fi yin suna a kanta ita ce ta Navinder Singh Sarao, wanda ke ciniki daga gidan iyayensa a Hounslow, yammacin Landan, a kasuwar CME ta Chicago. Ya sa an gyara masa manhaja da ke jera manyan ododin sayarwa 'yan layuka sama da farashin kasuwa, tana matsar da su duk lokacin da farashi ya motsa don kada a cika su. A ranar 6 ga Mayu 2010, ranar da ma'aunin Dow Jones ya rikito da maki kusan 1,000 ya kuma farfaɗo cikin mintuna, masu gabatar da ƙara na Amurka sun ce an sauya ododinsa fiye da sau 19,000 kafin ya soke su. An kama shi a 2015, ya amsa laifi a 2016. Dokar Dodd-Frank ta 2010 ta haramta sanya oda da niyyar soke ta kafin a cika, kuma a 2020 bankin JPMorgan ya amince ya biya kimanin dala miliyan 920 kan irin wannan aiki a kasuwar zinariya da azurfa da takardun bashin gwamnatin Amurka. Idan ana yi a inda hukuma ke sa ido haka, ina ga ƙananan kasuwannin kirifto da sa idon ya yi ƙaranci?

Sai dai a yi hattara da saurin yanke hukunci. Ba kowace oda da aka soke ce yaudara ba. Akwai kamfanonin da sana'arsu ajiye tayi da sallama a ɓangarorin biyu, suna cin ɗan bambancin da ke tsakani, kuma suna sokewa suna sabuntawa dare da rana. Mai saye na gaske ma labari na iya riskarsa ya fasa. Sannan mutane na son lambobi cikakku, don haka tarin oda a dala 20 daidai yana iya zama na mutum ɗari, ba na mutum ɗaya ba. Manhajar kanta tana iya ruɗar ido: idan ka saita ta ta haɗa layuka santi goma-goma, ƙananan ododi da yawa za su taru su yi kama da katanga. Ka mayar da ita mafi ƙanƙantar tazara ka ga ko abin zai watse. Littafi ba ya nuna sunan mai oda, bare niyyarsa. Mai kallo daga waya ba zai iya tabbatar da laifin kowa ba, abin da yake iya sani shi ne wannan katanga ba ta jingina ba ce.

Katangar gaske ma ba ta hana faɗuwa. Idan masu sayarwa sun zo da guda 60,000, za su cinye 40,000 ɗin su wuce, kuma faɗuwar da ke biyo baya takan yi tsanani, don duk waɗanda suka fake a bayanta za su fita lokaci ɗaya. Shi ya sa ajiye odar tsayar da asara santi ɗaya bayan katanga shiga cunkoso ne a ƙofa ɗaya.

Wani abin lura kuma, babban mai saye na gaske ba ya son a gan shi, don ganinsa na tsadantar masa da kaya. Yakan yi amfani da oda mai ɓoye girmanta, wadda ke nuna kaɗan a littafi, ana cinyewa tana sake fitowa. Za ka ga layin 19.80 yana nuna guda 500 kacal, amma jerin ciniki ya nuna an yi 500, an sake 500, har jimilla ta haura 20,000, farashi kuma bai gusa ba. Wannan layi maras kwarjini ya fi katangar 40,000 da ba a taɓa ba nauyi, domin an riga an biya kuɗinsa.

Saboda haka idan katanga ta bayyana, ka rubuta farashinta da adadinta da lokacin da ka gan ta, ka bar hannunka a aljihu. Idan farashi ya iso, ka ɗebe abin da ya rage daga abin da ka rubuta, ka duba ko jerin ciniki ya nuna wannan adadin a wannan farashin. Jiran zai iya sa ka saya da tsadar 'yan santi, wanda ya yi gaggawa a misalinmu kuwa ya saya a 20.01 ya fita a 19.79.