Ƙamusun Bayanai: Abin da Ake Fara Karantawa Kafin a Taɓa Alƙaluman Bincike

Ƙamusun bayanai takarda ce da ke rakiyar alƙaluman da aka tattaro daga binciken gida-gida. Ita ke faɗin tambayar da aka yi a kowane gurbi, wa aka yi wa ita, da ma'anar kowace lamba da aka rubuta a matsayin amsa. Alƙaluman kansu ba sa magana. Wanda ya buɗe su zai tarar da layuka dubbai na lambobi zalla, a ƙarƙashin gajerun sunaye irin su `hv204` ko `v511`.

Binciken yawan jama'a da lafiyarsu, wanda aka fi sani da DHS, misali ne mai kyau. A zagayen 2018 a Najeriya, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ta gudanar da shi, an kuma zanta da mata sama da 41,000 masu shekara 15 zuwa 49. A cikinsa, gurbin `hv204` na ɗauke da mintunan da mutanen gida ke ɗauka su je ɗibar ruwa su dawo. Ga alama abu ne mai sauƙi: a tara mintuna, a raba da yawan gidaje. Sai dai ƙamusun ya nuna cewa ba duk lambar da ke wurin ce minti ba. Lamba 996 na nufin ruwan yana cikin gidan, 998 kuwa na nufin wanda aka tambaya ya ce bai sani ba.

A ce gidaje biyar ne, amsoshinsu kuma 10, 15, 30, 996 da 998. Wanda bai karanta ƙamusun ba zai tara su ya sami 2,049, ya raba biyar, ya fito da kusan minti 410. Wato zai ce kowane gida na shafe kusan awa bakwai wajen ɗibar ruwa, alhali gidan da ya fi kowa nisa da ruwa rabin awa yake ɗauka. Kwamfuta ba za ta yi gardama ba, don a wurinta 996 lamba ce kamar kowace.

Gyaran ma yana buƙatar natsuwa, domin lambobin biyu ba hukuncinsu ɗaya ba. Gidan da ya ce bai sani ba, cire shi ake yi daga lissafin, amma a rubuta adadin irinsa a rahoto. Gidan da ke da rijiya ko famfo a tsakar gida kuwa ya ba da cikakkiyar amsa. Idan ana son sanin halin da duk gidajen ke ciki, sai a mayar da 996 sifiri, matsakaicin ya zama kusan minti 14. Idan kuma wahalar masu fita neman ruwa kaɗai ake son aunawa, sai a ajiye shi gefe, a sami kusan minti 18. Duka biyun daidai ne, tambayoyinsu ne suka bambanta. Babban kuskure shi ne a share duk lambar da ta haura 900 baki ɗaya da sunan tsabtacewa, domin hakan na fitar da gidajen da suka fi samun sauƙin ruwa ba tare da an sani ba.

Hanyar gano irin wannan matsala ba ta da wuya. Kafin kowane lissafi, ana fitar da jadawalin da ke nuna sau nawa kowace amsa ta bayyana, a ajiye shi kusa da ƙamusun. Idan amsoshi sun yi ta raguwa bayan minti 60, sannan kwatsam aka ga cincirindo a 996, to wannan alama ce, ba minti ba.

Gurbin da aka bari fayau shi ma yana da bayaninsa. `v511` shekarun mace ne lokacin da ta fara zama da miji. Wadda ba ta taɓa aure ba, ba a yi mata tambayar ba, don haka gurbinta babu komai. Wannan ba ɓatan amsa ba ne, kuma cike shi da sifiri ko da matsakaicin sauran mata zai lalata lissafin shekarun aure.

Akwai kuma lambobin da aka rubuta ba tare da ɗigo ba. Nauyin yaro a `hw2` yana zuwa ne da ɗigo a ɓoye, wato 105 na nufin kilo 10.5. Haka ma'aunin `v005`, wanda ke gyara bambancin yadda aka zaɓo mata daga yankuna daban-daban: sai an raba shi da 1,000,000 kafin a yi aiki da shi, kuma da shi ne sakamako ke wakiltar ƙasa gaba ɗaya. Gurbin da sunansa ya fara da harafin `s` na ƙasa ɗaya ne kawai, saboda haka wanda ke kwatanta Najeriya da Nijar, ko zagaye ɗaya da wani, dole ya buɗe ƙamusun kowane fayil daban.