Tsamo Shafi Takwas Daga Cikin Sittin a PowerPoint

A ce ƙungiyarku ta shirya rahoton shekara a PowerPoint mai shafi 60, sai shugabanni suka ba ka minti goma ka yi musu bayani. Shafi takwas kaɗai kake buƙata: na 1, na 7 zuwa na 10, na 23, na 41 da na 58. Mutane da yawa kan buɗe babban fayil ɗin a gaban jama'a su yi ta tsallake shafuka a majigi, suna cewa "wannan ba na yau ba ne". Wasu kuma su zauna su sake rubuta komai tun daga farko. Duka biyun wahala ce da babu dalilinta, domin manhajar tana da hanyar tsamo abin da kake so ka bar saura.

Aikin yana farawa ne da zaɓe. Ka buɗe babban fayil ɗin, ka je `View` ka danna `Slide Sorter`. Nan za ka ga shafukan duka a jere ƙanana-ƙanana, kowanne da lambarsa a ƙasa. Ka danna shafi na 7, ka riƙe maɓallin `Shift` ka danna na 10, huɗun za su zaɓu gaba ɗaya. Daga nan ka saki `Shift` ka riƙe `Ctrl`, ka danna na 1, na 23, na 41 da na 58 ɗaya bayan ɗaya. Idan yatsanka ya kuɓuce daga `Ctrl` ka danna wani shafi, duk zaɓen baya ya rushe, sai ka sake daga farko. Saboda haka kafin ka ci gaba, ka ƙirga shafukan da layi mai launi ya kewaye, ka tabbatar takwas ne. Sai ka danna `Ctrl+C`, ka buɗe sabon fayil da `Ctrl+N`, ka danna jerin shafukan da ke gefen hagu, ka manna da `Ctrl+V`.

A nan ne mutane kan riƙe baki. Shafukan sun iso, amma koren launin ƙungiyar ya ɓace, tambarin da ke kusurwa babu shi, rubutun ya sauya kama, wani kanun ma ya hau kan hoto. Sai mutum ya ɗauka kwamfutar ce ta lalata masa aiki.

Dalilin shi ne yawancin adon da kake gani a shafi ba a jikin shafin yake ba. Launuka, nau'in rubutu, bangon baya, da sau da yawa tambari, suna zaune ne a wani shafi na musamman da ake kira `Slide Master`, kowane shafi kuma aro yake yi daga gare shi, kamar bara da ke sanye da rigar ubangidansa. Sabon fayil yana da nasa ubangidan, fari fat ba ado, kuma PowerPoint kan sanya wa baƙin shafuka kayan gidan da suka sauka idan ba ka ce komai ba. Maganin yana kusa. Da zarar ka manna, wata 'yar alama za ta fito kusa da shafukan. Ka danna ta ka zaɓi `Keep Source Formatting`, sai shafukan su dawo da kamanninsu na asali. Ɗaya zaɓin, `Use Destination Theme`, shi ne ya dace idan sabon fayil ɗin yana da zubin da kake son shafukan su bi, misali lokacin da masu shirya taro suka ba kowa fasali guda.

Akwai kuma batun girman shafi, wanda wancan zaɓin ba ya gyarawa. Tun daga PowerPoint 2013, sabon fayil kan zo da faɗin 16:9, alhali tsofaffin fayiloli da yawa 4:3 ne. Idan ka kai shafin 4:3 cikin fayil na 16:9, abubuwa kan kauce daga wurarensu, tambari mai da'ira yana iya zama kamar ƙwai. Ka duba `Design`, sannan `Slide Size`, a fayilolin biyu, ka daidaita sabon da tsohon tun kafin ka manna komai.

Ni dai a ganina, idan shafukan duk daga fayil ɗaya suke kuma kana son su zauna yadda suke, hanyar da ta fi ita ce ka bi ta baya. Ka yi `Save As` ka ba fayil ɗin sabon suna, ka duba saman allo ka tabbatar sabon sunan ne a buɗe. A `Slide Sorter` ka danna `Ctrl+A` ya zaɓi duka 60, ka riƙe `Ctrl` ka danna takwas ɗin da kake so don ka cire su daga zaɓen, sai ka danna `Delete`. Shafi 52 sun tafi, takwas sun saura da launinsu, girmansu da tambarinsu, domin ba su bar gidansu ba. Haɗarin guda ne: ka yi gogewar a fayil na asali kana zaton kwafi ne. Shi ya sa sauya suna ke zuwa kafin komai.

Kada a ruɗu da `Hide Slide` ko `Custom Slide Show`. Suna hana shafi fitowa lokacin nuni, amma yana nan daram a cikin fayil, duk wanda ka tura wa zai iya buɗe shi ya karanta.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi launi muhimmanci, wato abin da ke bin shafi a ɓoye. Bayanin da mai jawabi ya rubuta wa kansa a ƙarƙashin shafi, wurin `Notes`, yana tafiya tare da shafin duk inda aka kai shi. Idan wani ya rubuta "kada a faɗi ainihin kuɗin a gaban baƙi" a ƙasan shafi na 41, to ga shi ka aika musu. Zanen ƙididdigar da aka ɗauko daga Excel ma yana iya ɗauke da littafin lissafin gaba ɗaya, har da alƙaluman da ba su fito a zanen ba. Ka danna zanen da maɓallin dama na linzami ka zaɓi `Edit Data`, ka ga abin da zai buɗe. Hoton da aka yanke gefensa shi ma sau da yawa yana nan cikakke a ƙarƙashi, sai an bi ta `Compress Pictures` an goge ɓangaren da aka yanke. A kwamfutar Windows, `File`, `Info`, `Check for Issues`, `Inspect Document` zai nemo maka bayanan mai jawabi, tsokaci da sunan marubuci, ya ba ka damar share su.

Abin da ya rage sai ido. Lambar shafi da manhajar ta saka za ta gyara kanta, na 58 ya koma na 8, amma jimlar da mutum ya rubuta da hannu, irin "duba shafi na 30", ba za ta sauya ba, mahaɗin da ke kai mutum wancan shafin kuma ya mutu. Bidiyon da aka haɗa da fayil ba tare da an saka shi ciki ba zai yi aiki a kwamfutarka, ya ƙi a ta wani. Don haka ka danna `F5` ka kalli takwas ɗin daga farko zuwa ƙarshe, zai fi kyau a kwamfutar da za a haɗa da majigi. Idan kuma waɗanda za ka tura wa karantawa kawai za su yi, ka fitar da shafukan a matsayin PDF, domin shi ba ya ɗauke da littafin Excel, kuma zubinsa ba ya sauyawa a wayar kowa.