Dalilin Neman Izini Kafin Babban Kamfani Ya Sayi Wani

Idan babban kamfani zai sayi wani, a ƙasashe da dama ba a kammala cinikin sai hukumar kula da gasar kasuwanci ta amince. A Najeriya wannan aiki na hannun hukumar FCCPC. Dalili shi ne, idan manyan abokan gasa suka haɗe, mai saye ba shi da wajen gudu in farashi ya tashi. Ana binciken tun kafin a haɗe ne domin raba kamfanonin da suka riga suka cakuɗa ma'aikata da kadarori abu ne mai wuya.

Hukuma takan duba kason kowane kamfani a kasuwa, da ko sabon ɗan kasuwa zai iya shigowa cikin sauƙi. Daga nan sai ta amince, ko ta gindaya sharaɗin sayar da wani sashe, ko ta hana.

A 2019 Hukumar Tarayyar Turai ta hana Siemens da Alstom haɗe sashensu na jiragen ƙasa, saboda ta ga farashin na'urorin sigina da jirage masu tsananin gudu zai tashi. Kamfanonin sun yi tayin sayar da wasu sassa, amma hukumar ta ce tayin bai wadatar ba.