Abin da ke sa kyamara rawa a wasan bidiyo

A wasu wasannin bidiyo, da zarar ɗan wasa ya sheƙa da gudu sai hoto ya fara karkarwa. Sau da yawa laifin ba na wayar ba ne, matsalar tana cikin jerin yadda ake gudanar da aiki.

Mu ɗauki manhajar haɗa wasanni ta Unity. Tana lissafin motsin jiki a `FixedUpdate`, sau 50 a daƙiƙa idan ba a canza saitin ba, alhali allo yakan zana hoto sau 60. Ke nan a cikin kowane hoto shida akwai ɗaya da ɗan wasa bai gusa ba. Idan yana gudun mita 20 a daƙiƙa, kowane taki santimita 40 ne. Kyamarar da ke binsa sannu a hankali tana matsawa a kowane hoto, don haka tazarar da ke tsakaninsu sai ta riƙa ƙaruwa tana raguwa. Wannan ita ce rawar da ido ke gani.

Akwai kuma matsala ta biyu. Idan kyamara da ɗan wasa duk suna cikin `Update`, kyamara tana iya riga shi motsawa, ta nufi inda ya riga ya bari.

Maganin biyu ne. A mayar da kyamara `LateUpdate`, wanda ke gudana bayan an gama duk `Update`. Sannan a kunna `Interpolate` a kan `Rigidbody` na ɗan wasan, domin a cike giɓin da ke tsakanin taki da taki. Idan motsin na `FixedUpdate` ne, gyaran farko kaɗai ba ya wadatarwa.