Shaidar Rajistar JAMB: Yadda Take Ɓata da Yadda Ake Adana Ta

Rajistar jarrabawar shiga jami'a ta JAMB a Najeriya tana tafiya ne a kan lambobi uku, kuma kowace ita ce ke buɗe hanyar ta gaba. Ɗalibi yakan fara da tura lambarsa ta NIN ta saƙon tes zuwa 55019 ko 66019, sai a aiko masa da lambar furofayil. Da ita yake sayen lambar fin a banki ko wurin wakilin da aka amince da shi. Daga nan sai ya tafi cibiyar kwamfuta mai izinin hukumar, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a ba shi takardar shaida mai ɗauke da lambar rajista. Ɗalibai da yawa sukan adana waɗannan bayanai a wuri guda tak, wato hoton allon waya da ake kira sikirinshot.

Labarin wata ɗaliba ya isa misali. Bayan ta gama rajista, sai ta ɗauki hoton takardar da saƙonnin da aka turo mata, ta bar ita takardar a aljihun wata jaka har ta manta inda take. Ana saura 'yan kwanaki a fara jarrabawa, wayar ta daina kunnuwa, mai gyara ya yi mata filashin, duk abin da ke ciki ya goge. A daidai lokacin ne kuwa aka buɗe damar fitar da silif na jarrabawa, wanda ke nuna rana da lokaci da cibiyar da kowa zai zauna. Da ta isa kafe, abu na farko da aka tambaye ta shi ne lambar rajista, ita kuwa ko rabinta ba ta riƙe ba.

Dalilin irin wannan asara a fili yake. Sikirinshot yana zama ne a ma'ajiyar wayar kanta, a babban fayil mai suna Screenshots. A wayoyi da yawa, manhajar Google Photos ba ta kwafe wannan fayil zuwa intanet sai mai wayar ya kunna hakan da hannunsa. Idan kuskure aka yi aka goge hoton, akan same shi a kwandon shara na manhajar hotuna, inda yakan jira kimanin kwana 30. Amma filashin da sata da faɗawa ruwa ba sa barin wannan dama.

Abin da ya ceci ɗalibar shi ne layinta, domin sim ɗin da ta yi rajista da shi yana hannunta. JAMB tana ɗaure bayanan ɗalibi da lambar wayar da ya fara tura saƙo da ita. Wanda lambar furofayil ta ɓace masa yakan tura RESEND zuwa 55019 daga wannan layi, wanda kuma ya rasa fin yakan tura UTMEPIN. Da lambar furofayil ɗinta ta koma cibiyar da ta yi rajista, aka nemo bayananta, aka sake buga mata takardar. Da a ce layin wani mai shago ta ara tun farko, ko sim ɗin ya tafi tare da wayar da aka sace, da sai ta fara zuwa ofishin kamfanin sadarwa a dawo mata da layin, ga kuma lokaci ya ƙure.

Daga ranar ta sauya tsari, ta riƙa ajiye kowace shaida a wurare uku da ba za su ɓata tare ba. Na farko takarda: tana yin kwafi biyu, ɗaya a fayil ɗinta, ɗaya a wurin mahaifiyarta. Na biyu imel: tana tura wa kanta hoton, domin ana iya buɗe shi daga kowace waya muddin ana riƙe da kalmar sirri. Na uku rubutun hannu, inda take rubuta lambobin uku a bayan littafinta, ta karanta su sau biyu don kada sifili ya rikiɗe da harafin O.

Hoto a waya yana da iyaka ko da bai ɓata ba. Ba a shiga ɗakin jarrabawar JAMB da waya, saboda haka bugaggen silif ake nunawa a ƙofa. Haka kuma bai kamata a watsa hoton a rukunonin WhatsApp ba, tunda yana ɗauke da bayanan da 'yan damfara ke nema. Layin rajistar shi ma abin riƙewa ne har bayan jarrabawa, domin daga shi ake tura UTMERESULT a ga sakamako, lambar rajistar kuma za a sake neman ta wajen duba gurbin karatu da tantancewa a makaranta.