Ɗauko Gajeren Nassi Domin Kafa Hujja a Cikin Sharhin Adabi

Malaman nahawun Larabci suna da al'ada tun da daɗewa, in sun kafa wata ƙa'ida sai su kawo baiti guda ya tsaya mata, su kira shi shahidi, watau mai ba da shaida. Mai sharhin adabi ma haka aikinsa yake. Ya faɗi abin da ya gani a cikin littafi, sa'an nan ya kira kalmomin mawallafin su shaide shi. Abin da ke ba ɗalibai wuya iri biyu ne: sanin kalmomin da suka cancanci a kira, da kuma zaunar da su a cikin jimlar mai sharhi ba tare da an ɓata su ba.

Domin a ga yadda aikin ke tafiya, mun shirya wani ɗan guntun labari musamman saboda wannan takarda. An gina shi bisa duwatsu biyu na cikin ganuwar Kano, Dala da Goron Dutse. Ga shi:

"Da la'asar sakaliya baƙon ya hau Goron Dutse, ya tsaya yana duban birni. Dala na can zaune cikin 'ya'yanta, gidaje sun rungume ta ko ta ina. Shi kuwa dutsen da ke ƙarƙashin ƙafarsa ya juya wa gari baya, ba mai yi masa sallama sai iska. Baƙon ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya sauko."

A ce mai sharhi yana so ya nuna cewa mawallafin bai ambaci kaɗaicin baƙon da bakinsa ba, sai ya ɗora shi a kan duwatsun. To, wanne zai ɗauko daga cikin jimlolin nan huɗu? Akwai gwaji mai sauƙi. Ka sauya kalmar da wata 'yar'uwarta, ka ga ko maganarka tana nan tsaye. In ka ce baƙon ya hau dutsen da yamma maimakon la'asar sakaliya, ba abin da ya taɓa batun kaɗaici. Wannan labari ne kurum, sai ka faɗe shi da bakinka. Amma in ka ce gidaje sun kewaye Dala maimakon sun rungume ta, uwa da 'ya'ya sun ɓace ke nan, hujjarka kuwa ta bi su. Kalmar da ba ta sauyuwa ita ce shahidi. Ta wannan hanya abin da ya rage a hannunmu bai wuce gutsattsari huɗu ba: "cikin 'ya'yanta", da "rungume ta", da "ya juya wa gari baya", da "ba mai yi masa sallama sai iska".

Ɗalibi da yawa yakan kwafe jimlolin duka huɗu, ya rubuta a ƙarƙashinsu cewa wannan ya nuna kaɗaici, ya wuce. Mai yin haka ya bar wa mai karatu aikin da shi ya kamata ya yi, domin bai nuna masa inda zai sa ido ba. Ga yadda sakin layin zai kasance in an saƙa nassin a cikinsa:

Mawallafin bai ce baƙon yana cikin kaɗaici ba, duwatsun ya bari suka faɗa. Ya mai da Dala uwa, tana zaune "cikin 'ya'yanta", ga gidaje da suka "rungume ta". Dutsen da baƙon ya zaɓa kuwa "ya juya wa gari baya", kamar mutumin da ya yi fushi da danginsa. Da ya ce "ba mai yi masa sallama sai iska", bai fayyace ko dutsen yake nufi ko mai hawansa ba, domin lamirin ya dace da kowannensu. A nan ne mutum da dutse suka zama ɗaya.

A lura da tsarin. Magana ta fara zuwa, shaida ta biyo, bayani ya rufe. Ba a bar wani nassi ya tsaya shi kaɗai ba, kuma kalmomin mai sharhi sun fi na mawallafin yawa.

Sai dai Hausa tana da wuraren tuntuɓe nata. Na farko shi ne lamirin lokaci. A asali an ce "gidaje sun rungume ta", amma jimlarmu ta zo da "gidaje da", bayan wannan "da" kuwa "sun" ba ya zama, sai "suka". In muka bar "sun" jimlarmu ta karye. In muka sa "suka" a cikin alamar zance mun sa wa mawallafin abin da bai rubuta ba. Mafita ita ce a bar lamirin a waje, a buɗe alamar daga aikatau, kamar yadda aka yi a sama.

Na biyu shi ne korewa. Yawancin korewar Hausa ƙafa biyu gare ta, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Wanda ya ɗauko "bai ce kome" ya tsaya, ya gurgunta maganar. Wanda kuma ya ciro "mai yi masa sallama" ya zubar da "ba" da "sai iska", ya juya ma'anar gaba ɗaya, ga shi kuwa bai ƙara ko harafi ba. Saboda haka bayan an yanke nassi lalle a koma a karanta jimlar asali, a tabbata guntun yana faɗin abin da cikakkiyar ke faɗi.

Na uku shi ne kalmar gabatarwa. "Ya ce" da "in ji" ba su ɗauki gefe ba. "Wai" kuwa takan nuna mai magana bai ɗauki alhakin abin da yake faɗa ba, har takan kai ga shakka. Mai sharhin da ya gabatar da shaidarsa da "wai" ya raunana ta tun ba ta buɗe baki ba.

Akwai kuma iyakar abin da nassi zai iya shaidawa. Mutane da yawa sukan kira wannan dutse Gwauron Dutse, kuma sunan ya yi daidai da sharhinmu ƙwarai. Amma kalmar gwauro ba ta cikin labarin. Ana iya ambatarta a matsayin sani na waje, ba a sa ta cikin alamar zance. Haka nan batun fassara. Tarihin Kano, wanda ya ba da labarin Barbushe da Dala, da Larabci aka rubuta shi. H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Ingilishi a 1908, daga baya ta Hausa ta fito a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Wanda ya ɗauko kalma daga ɗayan biyun nan yana iya kafa hujja da ita a kan abin da aka ba da labari. In kuwa salon marubucin asali yake magana a kai, kalmar mai fassara ba ta isa shaida ba, sai ya koma ga Larabcin.

A waƙa ma abin da ake son nunawa shi ke yanke tsawon nassi. In siffantawa ce, kalma biyu ko uku sun isa. In amsa-amo ne, dole a kawo ƙarshen baitoci biyu aƙalla, domin guda ɗaya ba ya nuna maimaici. In kari ne, sai ɗango cikakke, don ba a auna gaɓoɓi a rabin ɗango.

Malamin da ke duba takardun ɗalibai yana iya gwada kowane sakin layi ta hanya biyu. Ya karanta shi da ƙarfi kamar babu alamar zance: in harshe ya sarƙe, ba a zaunar da nassin daidai ba. Sa'an nan ya rufe nassin da yatsa ya sake karantawa: in maganar ba ta rasa kome ba, ɗalibin ya kira wanda ba shi da shaidar da zai bayar.