Tuni Ba Gugar Zana: Yadda Ake Gyara Saƙo ga Abokin Aiki Mai Jan Ƙafa

Katin sakamakon ɗalibi aikin tarayya ne. Malamin kowane darasi zai miƙa makinsa, malamar aji ta haɗa, ta tara jimilla, ta fitar da na ɗaya da na biyu har zuwa na ƙarshe, sannan shugaban makaranta ya sa hannu. Idan darasi ɗaya bai shigo ba, ajin gaba ɗaya ya tsaya, domin ba a fitar da matsayi da rabin lissafi. Shi ya sa makon ƙarshe na zango yake yawan ɓata tsakanin malamai, kuma sau da yawa saƙon da aka rubuta a kan jinkirin ya fi jinkirin kansa yin ɓarna.

Mu ɗauki misali. A ce malamar aji ce mai ɗalibai 45 da darussa tara. An tsayar da Talata ranar miƙa maki, shugaba yana son katunan a teburinsa ranar Alhamis da azahar, a raba ranar Juma'a. Malamai takwas sun kawo nasu. Malamin lissafi shiru, kuma haka ya yi a zango na farko da na biyu. Ranar Laraba da daddare, ranta a ɓace, ta ɗauki waya ta rubuta wannan domin turawa zauren WhatsApp na malamai:

"Salamu alaikum. Muna godiya ga malaman da suka san aikinsu, suka kawo maki a kan lokaci. Wasu kuwa, kamar yadda aka saba, har yanzu muna zaman jiran su. Ba komai, mu da ba mu da iyali sai mu kwana muna aiki. Allah ya ba mu haƙuri."

Ɓacin ranta yana kan hanya, babu mai musun wannan. Amma mu tambaya: me take bukata a daren nan? Makin lissafi kafin gobe da hantsi. To a sake karanta saƙon, a nemo inda ta faɗi haka. Babu sunan darasi, babu aji, babu lokaci, babu ma roƙon komai. Saƙon ya yi ƙorafi, ya yi habaici, ya yi addu'a, amma bai nemi maki ba. Wannan ita ce babbar illar gugar zana a wurin aiki: tana ɓoye bukatar mai magana, ta fito da fushinsa kawai.

Sannan kowace jimla tana da nata ƙayar. Godiyar da ta buɗe da ita ba godiya ba ce, hanya ce ta cewa wani bai san aikinsa ba. "Wasu" tana nufin mutum ɗaya, kowa a zauren ya san shi, amma rashin ambaton suna ya ba shi ƙofar fita: zai iya cewa ba da shi ake ba, ya yi barcinsa. "Kamar yadda aka saba" ta ɗauke maganar daga makin wannan mako ta mayar da ita kan halinsa, kuma mutum yana iya gyara aikin da ya makara, amma idan aka taɓa halinsa sai ya fara kare kansa. "Ba komai" kuwa ƙarya ce ƙarara, tunda da komai. Ga shi kuma duk a gaban jama'a. A wurinmu, inda kunya da kara suke da nauyi, mutumin da aka muzanta a gaban abokan aiki ya fi tunanin yadda zai rama fiye da yadda zai gama makin takardu.

Wani zai ce ai cikin raha ta rubuta, Malam zai gane. Rubutu ba ya ɗaukar murya. A shekarar 2005 masu binciken halayyar ɗan Adam, Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu, sun wallafa wani gwaji inda suka sa mutane aika jimloli ta imel, wasu da gaske, wasu da gatse. Masu aikawa sun yi zaton za a gane manufarsu kusan sau 8 cikin 10, amma masu karɓa sun canka daidai a kimanin kashi 56 cikin ɗari ne kawai, wato kaɗan ya fi canki-canka. Dalilin shi ne mai rubutu yana jin muryarsa a kansa yayin da yake rubutawa, mai karatu kuwa haruffa kawai yake gani, sai ya sa musu muryar da ya ga dama.

Gyaran yana farawa da sauya wuri: a bar zaure, a tura masa shi kaɗai. Daga nan sai ta raba abin da ta gani da abin da ta yanke a ranta. Marshall Rosenberg, Ba'amurken masanin halayyar da ya yi fice a koyar da sasanci, ya gina tsarinsa a kan wannan bambanci: faɗi abin da ya faru yadda kowa zai iya tabbatar da shi, ka ajiye hukunci a gefe, sannan ka rufe da roƙo bayyananne wanda za a iya aikatawa. "Makin bai iso ranar Talata ba" abu ne da Malam ba zai iya musu ba. "Ba ka damu da wahalar mutane ba" zato ne, kuma zai musa, ya kawo hujjoji, a kwana ana jayayya. Ga yadda saƙon zai koma:

"Salamu alaikum Malam, barka da dare, ya iyali? Ina tuni ne a kan makin lissafi na ajina, wanda aka tsayar za a miƙa jiya Talata. Har yanzu bai iso gare ni ba. Sai da shi zan iya tara jimilla in fitar da matsayin ɗalibai 45, ga shi shugaba yana son katunan gobe Alhamis da azahar. Don Allah ko zan samu kafin ƙarfe goma na safe? Idan akwai abin da ya tsare, ka sanar da ni yau mu san abin yi. Waɗanda ka riga ka gama ma, ka turo mini in fara shigarwa. Na gode."

A lura cewa saƙon bai rage komai daga gaskiya ba. Ya ma fi na farko tsauri, domin ya ambaci darasi da ranar da aka saɓa, ya kuma sa sabon lokaci. Ƙarfe goman nan ba haka kawai aka zaɓe ta ba. Malamar ta lissafa cewa shigar da maki 45, da tara jimilla, da jera matsayi, da cike katuna zai ci mata kamar awa uku, sai ta ƙirga baya daga azahar. Da ta ce "da wuri" ko "da zarar ka samu dama", da ta bar masa fassara, kuma mai jinkiri kullum yana fassara irin wannan da faɗi. Bayanin abin da jinkirin ke jawowa shi ma yana da aikinsa. Mai yiwuwa Malam yana ganin Juma'a ce ranar ƙarshe tunda ranar ake rabon kati, bai taɓa zama ya ga cewa akwai aikin awa uku da sa hannun shugaba tsakanin makinsa da hannun ɗalibi ba.

Jimla biyun ƙarshe su ne suka fi muhimmanci a ganina. Suna buɗe masa hanyar faɗin gaskiya ba tare da ya ji kunya ba. Wataƙila azuzuwa shida yake koyarwa, takardun jarrabawa sun haura ɗari biyu. Wataƙila yana jinya a gida. Wataƙila kuma sakaci ne zalla. Ko wanne ne, malamar tana bukatar ta sani a daren, ba gobe da azahar ba, kuma karɓar maki 30 yanzu ya fi jiran 45 da ba a san ranar zuwansu ba.

Akwai kuma kuskure na ɗaya ɓangaren, wanda masu kawaici suka fi faɗawa. Don gudun ɓata rai sai su cika saƙo da "ka yi haƙuri da damun ka da na yi" da "ba gaggawa", har bukatar ta narke. Gaisuwa da girmamawa wajibi ne, musamman idan Malam ya girme ta, za ta iya ƙara "Allah ya ƙara girma" ba tare da saƙon ya raunana ba. Amma kada ta ce ba gaggawa alhali da gaggawa, kada kuma ta nemi afuwa a kan neman abin da yake haƙƙin aiki. Kafin ta tura, gwaji mai sauƙi shi ne ta karanta saƙon a bayyane kamar Malam yana zaune a gabanta. Duk jimlar da ba za ta iya faɗa masa ido da ido ba, ta goge ta. Duk inda kuma ta ji tana fatan jimlar ta yi masa zafi, nan ne habaicin ya ɓuya.

To ina batun cewa wannan ne karo na uku? Da gangan aka bar shi daga saƙon. Saƙo ɗaya ba ya ɗaukar aiki biyu: na daren Laraba aikinsa kawo maki ne. Maimaituwar jinkirin magana ce ta baki da baki, bayan an raba kati, hankali ya kwanta. A nan ma ranaku za ta kawo, ba siffofi ba: "Malam, a zango na farko makin ya zo bayan kwana biyu, a na biyu ranar rabon kati da safe, wannan karon ma ya wuce Talata. Duk lokacin sai na kwana a kan katuna. Me za mu sauya?" Sai ta yi shiru ta saurara. Yawancin mutane suna raina lokacin da aiki zai ci musu. A wani bincike na shekarar 1994, Roger Buehler da abokan aikinsa sun tambayi ɗaliban jami'a a Kanada kwana nawa zai ɗauke su su kammala kundin bincikensu. Sun ce kimanin kwana 34, ya ɗauke su kimanin 55. Don haka alkawarin "zan kiyaye" ba ya wadatarwa, sai an gutsura aikin. Misali, ya miƙa makin gwaji tun mako guda kafin jarrabawa, tunda wannan yana hannunsa tuni, makin jarrabawa kuma ya riƙa turowa aji-aji yadda yake gamawa.

Saƙo mai kyau ba ya tabbatar da cewa makin zai zo. Idan ƙarfe goma ta yi shiru, sai ta kira shi. Idan bai ɗauka ba, dole shugaba ya sani, domin katunansa ne za su makara. Amma ta fara sanar da Malam: "Zan gaya wa shugaba cewa katunan ajina ba za su kai azahar ba saboda makin lissafi bai shigo ba." Wannan sanarwa ce, ba barazana ba, kuma ta fi ya ji labarin daga sama. A nan ne saƙon da aka gyara yake ƙara amfani: idan shugaba ya nemi ganin abin da ya gudana, za ta miƙa wayarta ba fargaba, ya ga rana da lokaci da tayin taimako. Da saƙon farko ne, da zancen ya koma kan lafazinta, a manta da makin.

Mai karatu, idan kana da irin wannan saƙo a wayarka da ba ka tura ba tukuna, duba shi ka gani ko ya faɗi abin da kake nema, da dalilin da ya sa kake nema, da ƙarfe nawa kake son sa. Idan babu ɗaya daga cikinsu, ka gyara kafin ka tura.